Kitsen safe da kitsen yamma: me ya sa sikelin gida ba ya tsayawa a kan magana ɗaya

Duk wanda ya sayi irin sikelin nan mai farantan ƙarfe a samansa, wanda ke nuna nauyi kuma ya ƙara da kason kitsen jiki, zai gamu da wannan abin mamaki tun a makon farko. Ya hau da asuba, sikeli ya ce kitsensa kashi 25 cikin ɗari ne. Ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, ya sake hawa, sai ya ga kashi 22 da ɗoriya, alhali nauyinsa ma ƙaruwa ya yi. Wasu sukan ce sikelin na bogi ne. Wasu kuma sukan yi murna, su ɗauka zirga-zirgar yini ce ta narkar da kitsen. Dukansu sun yi kuskure, domin sikelin bai taɓa auna kitse ba ko sau ɗaya. Abu biyu kaɗai yake aunawa: nauyinka, da kuma irin turjiyar da ƙafafunka ke yi wa wata 'yar wutar lantarki da yake turawa cikinsu. Duk sauran lambobin da ke fitowa a fuskarsa ko a wayarka, lissafi ne aka ɗora a kan waɗannan biyun.

Ga yadda abin yake gudana a cikin 'yan daƙiƙun da kake tsaye. Farantan ƙarfen yawanci huɗu ne, biyu a ƙarƙashin kowace ƙafa. Na wajen yatsu su ne ke tura wutar, na diddige kuma su auna yadda ƙarfinta ya faɗi a hanya. Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai miliyamfa ɗaya ba, shi ya sa ba ka jin komai, kuma tana kai-komo ne kamar sau dubu 50 a daƙiƙa. Tana shiga ta tafin ƙafa ɗaya, ta hau ƙwauri da cinya, ta ratsa ƙasan mara, ta sauko ta ɗaya ƙafar. Turjiyar da ta samu ana ƙirga ta da om, kuma ga babban mutum takan faɗa tsakanin om 400 zuwa 600.

Abin da ke ɗaukar wutar a cikin jiki ruwa ne, amma ba tsuran ruwa ba. Gishirin da ya narke a cikinsa ne ke ba wutar hanya. Tsoka da jini cike suke da irin wannan ruwan, don haka wuta na bin su cikin sauƙi. Kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, ƙashi ma haka, sai wutar ta kauce musu. Tun a 1962 wani likita Bafaranshe mai suna Thomasset ya nuna cewa ana iya kimanta ruwan jiki ta wannan hanya, a 1969 kuma Hoffer da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ninka tsawon mutum da kansa aka raba da turjiyar, lambar da ta fito tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan ruwan jikinsa. Kamfanin Tanita na Japan ne ya mayar da dabarar sikelin da ake hawa a tsaye a farkon shekarun 1990. Kenan asalin na'urar, ma'aunin ruwa ce. Daga baya aka ɗora mata aikin faɗin kitse.

To ta yaya ake tashi daga ruwa a isa kitse? Ta wani zato guda ɗaya wanda komai ya rataya a kansa: cewa sashen jiki marar kitse, wato tsoka da ƙashi da kayan ciki da jini, kashi 73 cikin ɗarinsa ruwa ne. Wannan adadi ya samo asali ne daga aikin Pace da Rathbun na 1945, kuma a matsayin matsakaici ga lafiyayyen baligi ya yi daidai ƙwarai. Sikeli zai kimanta ruwanka, ya ce tunda ruwan kaza ne to sashen marar kitse kaza ne, sannan ya cire wannan daga nauyinka. Abin da ya rage, shi ne yake kira kitse. A nan matsalar take. Kitse ragowa ce, kamar canjin da ya rage a aljihu bayan cefane. Duk kuskuren da aka yi wajen ƙirga ruwa, a kan kitse yake faɗawa. Idan sikeli ya ga kamar ruwanka ya ƙaru da lita ɗaya, zai ƙara maka kusan kilo 1.4 na sashe marar kitse, ya rage wa kitse daidai wannan, ko da kuwa ba abin da ya taɓa kitsen.

Akwai kuma abu na biyu, wanda a ganina shi ne ya fi bayyana bambancin safe da yamma, amma ba a cika faɗinsa ba. Wutar ba ta ganin jiki duka daidai wa daida. Ka tuna da tiyon ban ruwa: inda ya tsuke nan ruwa ke shan wahala, inda ya buɗe kuma ya wuce salin-alin. Haka wutar take. Gangar jiki, wato ƙirji da ciki, ta kai kusan rabin nauyin mutum, amma saboda faɗinta, ko a na'urar asibiti mai auna daga hannu zuwa ƙafa, kusan kashi 10 cikin ɗari kaɗai na turjiyar take bayarwa. A sikelin da ake hawa kuwa wutar ba ta ma hawa can sama. Mafi yawan turjiyar daga wurare masu tsukewa take fitowa, idon sawu da ƙwauri. Saboda haka rabin kofin ruwa da ya taru a idon sawunka ya fi lita guda da ke cikin tumbinka tasiri a kan lambar da za ka gani. Sikelin yana leƙa ƙafafu ne, ya yi hasashen sauran jikin.

Yanzu mu bi mutum ɗaya daga asuba zuwa yamma. Mu ce tela ne, tsawonsa santimita 175, nauyinsa kilo 80 da safe. Kamfanoni ba sa bayyana lissafin da suka saka a sikelinsu, amma waɗanda masu bincike suka wallafa duk siffa ɗaya gare su, kuma ga irinsa da lambobin da na zagaye don sauƙin koyo, ba na wani sikeli takamaimai ba:

```
marar kitse = 0.6 × (tsawo × tsawo ÷ turjiya) + 0.25 × nauyi + 5
kitse = nauyi − marar kitse
```

Da asuba ya tashi, ya zaga, ya hau sikeli. Ya kwana a miƙe awa bakwai, don haka ruwan da ya taru a ƙafafunsa jiya ya koma cikin jini ya bazu a gangar jiki, ƙoda ta tace wani ta mai da shi fitsari, wani kuma ya fita ta numfashi da zufa. Ƙafafunsa ba su taɓa bushewa a yini kamar yadda suke a wannan lokacin ba. Mu ce turjiyar ta zo om 530. Tsawo sau tsawo 30,625 ne, a raba da 530 a sami 57.8, a ninka da 0.6 a sami 34.7. A ƙara 20 na nauyi da 5 ɗin ƙarshe, sashe marar kitse ya zama kilo 59.7. Ragowar kilo 20.3 ce, wato kashi 25.4 cikin ɗari.

Sai ya ɗauki gora ya shanye lita ɗaya ta ruwa, ya sake hawa nan take. Mutane da yawa suna zaton kitsen zai sauka tunda an ƙara ruwa. Akasin haka ne ke faruwa. Nauyi ya koma kilo 81, amma ruwan yana cikin tumbi, inda wutar ba ta zuwa, don haka turjiya tana nan a 530. Lissafin zai ba sashe marar kitse rubu'in kilo kawai daga sabon nauyin, ya zama 59.9, sauran kuma ya jibga wa kitse: kilo 21.1, kashi 26. Ruwan da bai fi minti biyu a cikinsa ba an rubuta masa shi a matsayin kitse. Cikakkiyar mafitsara ma haka take yi, da tuwon da bai narke ba.

Ya tafi shago. Ya yini a kan keken ɗinki ƙafafu a ƙasa, ya tashi ya yanka yadi a tsaye, ya taka zuwa masallaci ya dawo. Duk tsawon wannan lokaci nauyin jini yana danna jijiyoyin ƙafa, ruwa yana tsatsowa daga ƙananan hanyoyin jini yana taruwa a tsakanin ƙwayoyin nama. Shi ya sa takalmi ke matse mutum da yamma, shi ya sa safa ke barin shaida a ƙwauri. Wannan ruwan da ke wajen ƙwayoyin nama kuwa shi ne wutar ta fi so, don ya fi na cikinsu sauƙin bi, ga shi ya taru daidai inda hanya ta fi tsukewa. Ƙari a kan haka ya ci abincin rana, wanda gishirinsa da ruwansa sun shiga jini, kuma ƙafafunsa sun yi ɗumi. Mu ce bayan la'asar turjiya ta sauka zuwa om 490, nauyi 81. Yanzu 30,625 a raba da 490 ya ba da 62.5, sau 0.6 ya zama 37.5, sashe marar kitse ya kai kilo 62.75. Kitse ya koma kilo 18.25, kashi 22.5.

Ka duba abin da sikelin yake iƙirari. Wai daga asuba zuwa la'asar telan nan ya zubar da kilo biyu na kitse, ya kuma tara kilo uku na nama. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, kilo biyu kenan sun haura kalori 15,000, abincin kusan mako guda na babban mutum. Ko ɗan dako da ya yini yana sauke buhuna ba zai ƙona haka ba. Abin da ya faru kawai shi ne ruwa ya gangaro daga sama zuwa ƙasa, wutar ta sami hanya mai sauƙi, lissafi kuma ya fassara sauƙin a matsayin tsoka. Daga wannan misali za ka iya riƙe ƙa'ida mai amfani: ga mutum mai irin wannan jiki, duk canjin om 10 yana motsa kason kitse da abin da ya kusa maki ɗaya, wato kamar daga kashi 25 zuwa 24. Om 10 kuwa kashi 2 cikin ɗari ne kacal na turjiyar.

Wannan kashi 2 ɗin ya kawo mu ga zafi da sanyi, domin ruwan gishiri yana ƙara sauƙin ɗaukar wuta da kusan kashi 2 cikin ɗari a duk digiri ɗaya da ya ƙara ɗumi. Zafin cikin jiki ba ya motsi sosai, amma na ƙafafu yana yi, kuma da digiri fiye da ɗaya. Mutumin da ya fito daga bargo a sanyin watan Janairu ya taka siminti, jijiyoyin fatarsa sun tsuke, ƙafafunsa sun yi sanyi, sikeli zai ba shi kitse mai yawa. Shi ɗin dai idan ya yi wanka da ruwan zafi ya hau, kitsen zai sauka. Hunturu yana da wata illar kuma: kaushi da faso. Dabarar faranti huɗu an yi ta ne don a rage tasirin fata, amma idan diddige ya bushe ya yi kauri kamar ƙirgi, wutar takan kasa shiga yadda ya kamata, sai sikeli ya ba da lamba mai tsalle-tsalle ko ya nuna nauyi kaɗai ya yi shiru. Maganinsa a goge tafin ƙafa da ɗanyen tsumma, ba a hau da ƙafa tana ɗigar ruwa ba, kuma ba a hau bayan an shafa man kaɗanya ko basilin ba. Masu kaurin cinya su lura kada cinyoyin su haɗu fata da fata, don wutar za ta yanke hanya ta nan, turjiya ta ragu, kitse ya fito ƙasa da yadda ya saba.

Batun ƙishirwa ya fi yadda ake faɗinsa rikitarwa. Abin da aka saba ji shi ne, in jiki ya rasa ruwa kitse zai hau. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma ya danganta da yadda ruwan ya fita. Ɗauki wanda ya buga ƙwallo awa ɗaya da yamma ya yi sharkaf da zufa. Ya rasa ruwa, wanda ya kamata ya ɗaga turjiya. Sai dai tsokokin ƙafarsa sun yi zafi, jini ya cika su, kuma zufa ba ta kai jini gishiri ba, don haka ruwan da ya rage a jikinsa ya fi ɗazu gishiri, ya fi ɗaukar wuta. Waɗannan ukun sukan rinjayi rashin ruwan, ga nauyi ya ragu, sai sikeli ya nuna masa kitse ya faɗi warwas. Bayan awa biyu ko uku, jiki ya huce, in bai mayar da ruwan ba, lambar za ta juya ta haura ta jiya. Wanda ke auna kansa a gidan motsa jiki bayan ya gama atisaye, yana auna zafin ƙafarsa ne fiye da komai.

Azumi kuwa misali ne mai tsabta, musamman idan ya faɗo a bazara. Mu koma wa telanmu a rana ta goma ga watan Ramadan, bayan la'asar, awa goma sha biyu rabonsa da ruwa. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 79. Wani ɓangare ruwa ne, wani ɓangaren hanji ne da ya yi sauƙi, wani kuma sukarin ajiya ne na hanta da tsoka, wanda ake kira gilaikojin, wanda kowane giram ɗinsa ke riƙe da kusan giram uku na ruwa, in an ƙona shi ruwan ya tafi. Ƙafafun ba su tara ruwa kamar kullum ba, mu ce turjiya om 520. Lissafi zai ba da sashe marar kitse kilo 60.1, kitse kilo 18.9, kashi 23.9. Idan ya gwada da la'asar ɗin kafin azumi, zai ga nauyi ya ragu da kilo biyu amma kitse ya hau daga 22.5 zuwa 23.9, tsoka kuma wai ta zube da fiye da kilo biyu da rabi. Na sha jin masu cewa azumi na cinye musu tsoka, hujjarsu kuma wannan lambar ce. Lambar ba ta isa hujja ba. Idan kuma ya hau minti goma bayan shan ruwa, cikinsa ɗauke da kunu da zoɓo da ƙosai, zai ga kitsen ya ƙara hawa, saboda dalilin goran ruwan nan na safe.

Gishiri yana juya lamarin ta ɗaya gefen. Wanda ya ci tsire da yaji ko kilishi da daddare ya bi da ruwa mai yawa, jikinsa zai riƙe ruwan a wajen ƙwayoyin nama har zuwa gobe. Da safe nauyi ya ƙaru, amma kason kitse yana iya sauka. Mata da yawa suna ganin kai-komo irin wannan a kwanakin da ke gab da al'ada, lokacin da jiki ke riƙe ruwa, shi ya sa ya fi dacewa mace ta gwada lambar wannan wata da ta watan jiya a rana ɗaya ta zagayen al'adarta, maimakon ta gwada mako da mako.

Akwai inda wannan ruɗin ya wuce abin dariya. Mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda ko hanta, idan ruwa ya fara taruwa a ƙafafunsa, sikelin nan zai yi masa albishir: tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu. Alhali kumburi ne. Likitocin zuciya suna gargaɗin masu raunin zuciya cewa ƙarin nauyi fiye da kilo biyu cikin kwana uku alama ce ta taruwar ruwa da ke bukatar a je asibiti. Hanyar ganewa a gida ita ce a danna ƙwauri da babban yatsa na 'yan daƙiƙu, in rami ya zauna bayan an ɗaga, ruwa ne. Mai shan maganin sa fitsari don hawan jini ma lambarsa za ta bi lokacin shan maganin. Mai juna biyu kuwa lissafin ba a gina shi don jikinta ba. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, masu ƙera sikelin da kansu sun ce kada ya hau.

Sai wata tambaya da ta bambanta da ta safe da yamma, amma mai sikeli ya kamata ya raba su a ransa. Kai-komon yini abu ɗaya ne, karkatar da lissafin yake da ita a kanka kai kaɗai abu ne daban. Lambobi irin waɗannan na 0.6 da 0.25 ana samo su ne ta hanyar auna wasu mutane da na'ura mafi inganci, irin DEXA ta asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, a daidaita lissafi har ya dace da su. Idan siffar jikinka ta bambanta da tasu, lissafin zai karkace. Sikeli yana tambayar tsawonka ne, ba tsawon ƙafarka ba, alhali ƙafar ce wutar ke bi. A matsakaici, mutanen Afirka sun fi Turawa da mutanen gabashin Asiya tsawon ƙafa idan aka gwada da tsawon jiki, doguwar siririyar ƙafa kuma turjiyarta ta fi yawa. Dogon Bafillatani siriri yana iya ganin kitsen da ya fi nasa na gaskiya, kuma kullum haka zai riƙa gani. Mai tumbi da siraran ƙafafu shi ma sikelin ba ya ganin inda kitsensa ya taru. Wannan karkatar ba ta gyaruwa da sauya lokacin awo. Abin da ke da daɗi dai shi ne ba ta motsi, don haka ba ta hana ka ganin ko kana hawa ko kana sauka.

Sikeli masu tsada sun rage wasu matsalolin. Mai sandar riƙewa da hannu yana da faranti takwas, yana auna hannuwa da ƙafafu da gangar jiki daban-daban, don haka ruwan da ya gangara ƙafa ba ya ruɗa shi kamar na tsaye kawai. Wasu kuma suna tura wuta mai saurin kai-komo iri-iri, domin mai jinkiri tana zagaye ƙwayoyin nama ne, mai sauri kuma tana ratsa su, ta haka a raba ruwan waje da na ciki. Duk da haka ragowa suke kira kitse, kuma lita ɗayar da ke cikin tumbi tana nan tana ruɗa su. Su kuwa lambobin nauyin ƙashi da kitsen kayan ciki da wai shekarun jiki, a sikelin tsaye, daga nauyi da turjiya da shekaru da jinsi da tsawon da ka shigar aka fitar da su duka. Gwada canza shekarunka a manhajar, ko ka kunna zaɓin 'yan wasa da ake kira Athlete, ka sake hawa: kitsenka zai canza alhali ba ka ko motsa daga ɗakin ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a hau? A nan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Tanita na ba da shawarar yamma kafin abincin dare, bisa hujjar cewa a lokacin ruwan jiki ya daidaita bayan bushewar dare. Masu bincike kuwa sun fi auna mutane da safe kafin su ci komai. Ni na fi karkata ga safiya, ba don lambarta ta fi kusa da gaskiya ba, sai don ita ce ta fi sauƙin maimaitawa. Yammacin Litinin da ka yini a tsaye da yammacin Juma'a da ka yi ƙailula ba ɗaya ba ne, amma asubahin yau da na gobe sun yi kama. Ka tashi, ka zaga, ka yi minti goma ko sha biyar a tsaye ko kana 'yan kai-komo don ruwa ya fara zama, kada ka sha komai, kada ka yi wanka, ka hau da kaya marasa nauyi a kan daɓe mai tauri, ba kafet ko tabarma ba. Ka sa a ranka cewa lambar safe za ta ɗan fi ta yamma, kuma kada ka gwada ɗaya da ɗaya.

Ko da ka kiyaye duk wannan, maki ɗaya sama ko ƙasa tsakanin yau da gobe ba labari ba ne. Ka tara awon kwana bakwai ka raba da bakwai, ka gwada matsakaicin wannan mako da na mako huɗu da suka wuce. Wanda ke rage cin abinci da kalori 500 a kullum yana zubar da kusan rabin kilo na kitse a mako, wanda ga mai kilo 80 kusan rabin maki ne. Kenan ci gaban mako guda ya fi kai-komon yini ɗaya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai an yi wata ɗaya ko biyu kafin ya fito fili. In kana son sanin ko tsallen yau na ruwa ne, duba lambar ruwan jiki da sikelin ke nunawa: za ka ga duk ranar da kitse ya yi tsalle sama ita ta yi ƙasa, don daga awo ɗaya aka ciro su. Sannan ka ninka kason da nauyinka ka mai da shi kilo, ka tambayi kanka ko abin da ka ci ko ka ƙona jiya zai iya kawo wannan bambanci. In azumi ya kama, ka buɗe sabon shafi, ka zaɓi lokaci ɗaya, misali da ka farka kafin sahur, ka gwada kwanakin azumi da junansu kawai, sannan ka jira kamar mako guda bayan salla kafin ka koma gwadawa da lambobin Sha'aban.

Telan namu yana da wani ma'aunin rataye a wuyansa wanda ruwan ƙafa ba ya ruɗawa. Tef ɗin awo a zagaye ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, da safe, bayan an saki numfashi ba tare da an tsuke ciki ba. Ga mai santimita 175, abin da ake so shi ne zagayen ya gaza rabin tsawonsa, wato ƙasa da santimita 87.5. Idan matsakaicin sikeli na wata biyu yana sauka, tef ma ya ragu da santimita biyu ko uku, to kitse ne ke tafiya. Idan sikeli ya ce kitse ya faɗi amma tef yana nan inda yake, nauyi kuma ya hau, sai ya duba idon sawunsa.